Me ya sa ake juya alamar j idan ana so lodi ya samu ƙarfi mafi yawa?

Tambaya: Malam, a darasin wutar batir an koya mana cewa lodi yana samun ƙarfi mafi yawa idan turjiyarsa ta yi daidai da ta tushen wutar. Da muka zo kan wuta mai jujjuyawa sai na bi wannan ƙa'ida. Tushe yana da bolt 10 da imfidans `30 + j40`, ni ma na ba lodi `30 + j40`, aka ce na yi kuskure, wai amsar `30 − j40` ce. Me ya sa ake juya alamar? Sannan idan lodin ya riga ya zo da nasa imfidans ɗin, wanda ba ni da ikon canzawa, yaya zan yi?

Amsa: Sassan biyu da ke cikin imfidans ba aiki ɗaya suke yi ba, shi ya sa ba a yi musu hukunci ɗaya. Turjiya, wato sashen da ba shi da `j`, ita ce take cin makamashi ta mayar da shi zafi ko motsi ko sauti, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Riyaktans, wato sashen da ke ɗauke da `j`, ba ya cin komai. Kwayil yana karɓar makamashi ya ajiye a maganaɗisunsa na rubu'in zagaye, sannan ya mayar a rubu'in da ke biye, ita ma kafasita haka take yi da cajinta, saboda haka idan aka ɗauki matsakaici a kan cikakken zagaye, ƙarfin da suka sha sifili ne. Amma duk da ba sa ci, suna tare hanya, suna rage karant ɗin da zai kai ga turjiyar lodi. Abin da ke tare hanya ba ya amfanar kowa, kawar da shi ake yi, ba a ƙara masa ɗan'uwa. Kuma an yi sa'a riyaktans yana da alama biyu, na kwayil yana da alamar ƙari, na kafasita yana da alamar ragi, don haka ana iya kashe ɗaya da ɗaya. Turjiya kuwa ba ta da wannan dama, domin a cikin kayan da ba su da tushen wuta na kansu ba a samun turjiya mai alamar ragi.

Bari mu bi lissafin, domin gajere ne kuma shi ne yake rufe gardama. Duk wata da'ira da ke bin ƙa'idar daidaiton ninki, wato wadda idan ka ninka boltej sai karant ya ninku daidai gwargwado, ana iya taƙaita ta a bakin wayoyinta biyu zuwa boltej guda `V` da imfidans guda a jere da shi. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jinginawa ga Thévenin, wanda ya wallafa ta a 1883, ko da yake Helmholtz ya riga shi bayyana ta tun 1853. Mu kira imfidans ɗin tushe `Rs + jXs`, na lodi kuma `RL + jXL`. Tunda a jere suke, karant ɗaya ne yake ratsa su, kuma matsakaicin ƙarfin da lodi yake sha shi ne sukwayar wannan karant sau turjiyar lodin kaɗai:

```
P = V² · RL / [ (Rs + RL)² + (Xs + XL)² ]
```

A nan `V` ƙimar `rms` ce, wato irin wadda mita take nunawa. Ka dubi inda `XL` ya fito. Wuri ɗaya ne kacal, a ƙasa, kuma cikin sukwaya. Sukwaya ba ta sauka ƙasa da sifili, saboda haka mafi alherin da za ka iya yi mata shi ne ka mayar da ita sifili, kuma hakan ba ya faruwa sai `XL = −Xs`. Ba a ma buƙatar wani dogon lissafi a wannan mataki. Da zarar wannan sashe ya ɓace, abin da ya rage shi ne ainihin matsalar wutar batir da ka sani. `RL` yana sama kuma yana ƙasa: idan ya yi ƙanƙanta ƙwarai karant yana da yawa amma ba shi da inda zai sauke ƙarfinsa, idan ya yi girma ƙwarai kuma karant ɗin ne yake ƙanƙancewa, ƙololuwar tana wurin da `RL = Rs`. Wannan rabin shi ne abin da ake kira dokar Jacobi, wadda ta samo asali tun wajen 1840. Idan aka haɗa sharuɗɗan biyu, lodi zai kasance da turjiya iri ɗaya da ta tushe, da riyaktans mai girma ɗaya amma alamarsa a juye. Lambar da aka juya wa alamar `j` ita ce masu lissafi suke kira kwanjuget, kana iya cewa kishiya, kuma ana nuna ta da ɗan tauraro:

```
ZL = Zs*
Pmax = V² / (4 · Rs)
```

Ashe ƙa'idar da aka koya maka ba ta yi ƙarya ba. Wutar batir ba ta da riyaktans, kuma kishiyar lambar da ba ta da `j` ita ce kanta, shi ya sa sharaɗin farko ya ɓoye ba a gan shi ba.

Yanzu mu sa lambobinka, mu ɗauka bolt 10 ɗin nan ƙimar `rms` ce. Da amsarka, jimillar imfidans ɗin da'irar ta zama `60 + j80`, girmanta om 100, karant ya zama amfiya 0.1, ƙarfin da ya shiga turjiyar lodi ta om 30 kuwa wat 0.3 ne. Da amsar da aka ba ka, `j40` da `−j40` sun cinye juna, om 60 ne kawai suka rage, karant ya haura zuwa kashi ɗaya cikin shida na amfiya, wato kimanin 0.167, ƙarfin ya zama wat 0.833. Alamar nan guda ɗaya ta kusa ninka ƙarfin sau uku. Abin da ya fi wannan nuna inda kuskuren yake shi ne, da a ce ba ka sa wa lodin riyaktans ko kaɗan ba, ka bar shi turjiya zalla ta om 30, da jimillar ta zama `60 + j40`, da ya samu wat 0.577. Kwayil ɗin da ka ƙara da nufin daidaitawa ya rage maka kusan rabin abin da kake da shi tun kafin ka taɓa komai.

Akwai wani tarko ƙarami a cikin `Pmax` da yake yawan kama ɗalibai. Wasu littattafai suna rubuta 4 a ƙasa, wasu suna rubuta 8, kuma duka biyun daidai ne. Masu 8 suna amfani da ƙimar ƙololuwar boltej ne, wadda sukwayarta ta ninka ta `rms` sau biyu. Idan bolt 10 ɗin tambayarka ƙimar ƙololuwa ce, duk lambobin ƙarfi da na kawo sai a raba su biyu, amma zaɓin lodin ba ya canzawa. Ka kuma lura cewa `Rs` ne a ƙasa, ba girman imfidans ɗin gaba ɗaya ba. Wanda ya sa 50 a madadin 30 zai samu wat 0.5, kuma ya yi kuskure.

Abin da ke faruwa a cikin wayoyin ya cancanci a tsaya a kansa, domin lissafin kaɗai ba ya nuna shi. Sa'ad da aka haɗa kwayil ɗin tushe da kafasitar lodi masu girman riyaktans ɗaya, makamashin da kwayil yake saki a daidai lokacin ne kafasita take buƙatarsa, wanda kafasita take saki kuma a lokacin ne kwayil yake buƙatarsa. Sai su riƙa miƙa wa juna shi a tsakaninsu, boltej ɗin tushe ya huta da wannan kai da komo, ya fuskanci turjiya zalla, karant ya riƙa tashi da sauka tare da shi ba gaba ba baya. Wannan shi ne rezonans, kuma daidaitawar kishiya ba wani abu ba ce illa rezonans da aka shirya da gangan tsakanin tushe da lodi, aka kuma ɗora masa daidaiton turjiya. Shi lodin kansa, idan ka auna shi shi kaɗai, ba turjiya zalla ba ne. Karant yana gaban boltej ɗinsa da digiri 53 ko kusa da haka, ma'aunin amfaninsa kuwa, wato kason boltej sau karant da yake zama ƙarfi na gaske, 0.6 ne. Da'irar gaba ɗaya ce take da ma'auni 1, ba lodin ba.

Daga nan ne kurakurai biyu na awo suke fitowa, kuma na sha ganin ɗalibai masu ƙwazo sun faɗa cikinsu a ɗakin gwaji. Na farko, a wutar batir akwai dabarar da kowa ya sani, cewa ka yi ta canza lodi har boltej ɗin bakinsa ya sauka zuwa rabin abin da yake nunawa ba tare da lodi ba, to ka daidaita. Wannan dabara ba ta aiki a nan. A misalinka girman imfidans ɗin lodi om 50 ne, idan ka ninka shi da karant za ka ga mita tana nuna bolt 8.33, ba bolt 5 ba. Bolt 5 ɗin yana nan, amma a kan turjiyar lodin kaɗai yake, kafasita kuma tana ɗauke da bolt 6.67, su biyun ba a tara su kai tsaye domin akwai digiri 90 a tsakaninsu. Wanda ya nace sai ya ga bolt 5 a bakin lodi zai wuce wurin da yake nema ba tare da ya sani ba. Na biyu, idan ka ninka abin da mitar boltej ta nuna da abin da mitar karant ta nuna, za ka samu 1.39, kuma wannan ba wat ba ne, ƙarfi ne na ganin ido kawai da ake aunawa da `VA`. Sai an ninka shi da 0.6 kafin ya koma wat 0.833 ɗin nan. Hanyar da ta fi aminci ita ce a bi sharuɗɗan biyu ɗaya bayan ɗaya: a bar turjiya yadda take a riƙa canza kafasita har karant ya kai ƙololuwa, sannan a bar kafasita a riƙa canza turjiya ana lissafa sukwayar karant sau turjiya har ita ma ta kai ƙololuwa. Ana farawa da riyaktans ne saboda wurin da ya dace da shi bai dogara da turjiya ba, alhali wurin da ya dace da turjiya ya dogara da ko an riga an kashe riyaktans ko ba a kashe ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce take amsa yanayin da hannunka yake a ɗaure rabi. A ce an hana ka kwayil da kafasita, turjiya kawai aka ce ka zaɓa. To a nan om 30 ba shi ne mafi kyau ba. Idan aka bar riyaktans ɗin da bai mutu ba a cikin lissafin aka nemi ƙololuwa, abin da yake fitowa shi ne:

```
RL = √[ Rs² + (Xs + XL)² ]
```

Ga lodi mai turjiya zalla wannan ya zama girman imfidans ɗin tushe, wato om 50. Jimilla ta zama `80 + j40`, ƙarfin ya zama wat 0.625, wanda ya ɗara 0.577 da om 30 ya bayar amma bai kamo 0.833 ba. Haka kuma idan taransfoma kaɗai aka ba ka, wadda take canza girman imfidans da sukwayar rabon naɗinta amma ba ta taɓa kusurwarsa, iyakar abin da za ka iya yi shi ne ka daidaita girma da girma, kuma sakamakon zai kasance ƙasa da na kishiya sai fa idan an yi dace kusurwar lodin dama a juye take.

Sai rabin tambayarka na biyu, wanda shi ne ainihin aikin da injiniya yake yi, domin a zahiri da wuya mutum ya samu damar ƙera lodi yadda yake so. Eriya tana zuwa da imfidans ɗinta, haka mashigar amfilifaya, haka ƙwayar da ke fitar da sautin da kunne ba ya ji. Dabarar ita ce ba a canza lodin, ana canza abin da tushe yake gani ne. Ana saka 'yar da'ira a tsakaninsu wadda aka yi ta da kwayil da kafasita kaɗai, ba turjiya ko ɗaya, ta yadda idan tushe ya duba ta cikinta zai ga kishiyarsa. Tunda kayan da ke cikinta ba sa cin makamashi, duk ƙarfin da ya shiga ta ƙofa ɗaya dole ya fita ta ɗaya ƙofar ya sauka a lodi. Dalilin hana turjiya a fili yake. Kana iya ƙara turjiya har lambobi su yi daidai a takarda, amma ƙarfin da ka samu zai ƙone a cikin turjiyar da ka ƙara, ba a lodin da kake son ciyarwa ba.

Mu ɗauki tushenka yadda yake, a firikwansi na zagaye 1000 a daƙiƙa, mu ce lodin da aka ba ka `120 − j60` ne. Idan ka jona shi kai tsaye, jimilla `150 − j20` ce, kuma yana shan wat 0.524. Idan ka tsaya kan kashe riyaktans kawai, ka sa kwayil na om 20 a jere, abin da za ka samu wat 0.533 ne, ƙarin da bai taka kara ya karya ba, domin matsalar wannan lodi ba ta riyaktans ba ce, turjiyarsa ce ta ninka ta tushe sau huɗu. Ana buƙatar abin da zai sauko da om 120 zuwa om 30 ba tare da ya ci komai ba, kuma abin da yake yin haka shi ne riyaktans da aka ɗora a ƙetaren lodin, wato ƙafa ɗaya a kowace waya.

Don ganin yadda hakan yake aiki, a fara juya lodin zuwa siffarsa ta ƙetare. Ɗaya bisa `120 − j60` ya ba da `0.00667 + j0.00333`, ma'ana lodin nan daidai yake da turjiyar om 150 da aka ɗora wa kafasita mai riyaktans om 300 a ƙetarenta. To ga ƙa'idar: idan turjiya `Rp` tana da riyaktans a ƙetarenta, daga waje ana ganinta a matsayin ƙaramar turjiya `Rp / (1 + Q²)`, inda `Q` yake nufin `Rp` bisa riyaktans ɗin. Muna son 150 ya koma 30, wato a raba shi biyar, saboda haka `Q` zai zama 2, riyaktans ɗin ƙetare kuma ya zama om 75. Ɗaya bisa 75 shi ne 0.01333, lodin kuma ya riga ya kawo 0.00333 daga gida, saura 0.01, wato kafasita mai riyaktans om 100. A wannan firikwansi, kafasita ce ta kimanin maikirofarad 1.59. Da ka ɗora ta, abin da ake gani daga waje ya zama `30 − j60`. Turjiya ta zo inda ake so, riyaktans ne ya zarce da om 20, sai a sa kwayil na om 20 a jere, kimanin milihenri 3.18, ya mayar da shi `30 − j40`. Kayan aiki biyu ke nan, ɗaya a ƙetare ɗaya a jere, kuma saboda siffar zanensu ake kiran wannan shiri da sunan harafin L.

Yanzu tushe yana ganin kishiyarsa, yana ba da wat 0.833, kuma dukkansa yana isa lodin. Idan kana son tabbatarwa, auna boltej a bakin lodin za ka ga bolt 11.2, wanda ya fi bolt 10 na tushen kansa. Wannan ba sihiri ba ne kuma ba saɓa wa ƙa'idar adana makamashi ba ne. 'Yar da'irar ta yi aikin taransfoma, ta ɗaga boltej ta rage karant, karant ɗin da ke shiga lodin ya zama amfiya 0.083, rabin wanda ke fitowa daga tushe. Akwai kuma wata hanyar duba aiki da nake so ƙwarai: a da'irar da ba ta cin makamashi, idan an daidaita ta a wuri ɗaya to an daidaita ta a ko'ina. Ka tsaya a bakin lodin ka dubi baya wajen tushe ta cikin kwayil da kafasitar da ka ƙara. Tushe da kwayil sun zama `30 + j60`, idan ka ɗora musu `−j100` a ƙetare za ka samu `120 + j60`, wato kishiyar lodin daidai. Idan lissafinka bai fito haka ba, akwai kuskure a wani wuri.

Kwayil na gaske yana da 'yar turjiyar wayarsa. Idan namu na om 20 yana ɗauke da om 1, abin da zai isa lodi zai sauka zuwa kimanin wat 0.806, asarar kashi 3 cikin ɗari, wadda ba ta hana barci idan aka kwatanta da ribar da aka samu daga 0.524.

Babbar iyakar wannan hanya ita ce firikwansi, kuma ita ce ya kamata ka riƙe fiye da komai bayan lissafin. Riyaktans ɗin kwayil yana ƙaruwa idan firikwansi ya ƙaru, na kafasita kuwa raguwa yake yi, don haka ba za su yi daidai ba sai a wuri ɗaya. Mu koma misalinka na farko. Om 40 a zagaye 1000 yana nufin kwayil na milihenri 6.37 a tushe da kafasita ta maikirofarad 3.98 a lodi. Idan firikwansi ya koma 2000, na kwayil ya zama 80, na kafasita ya zama 20, ragowar 60 ta tsaya a hanya, ƙarfin ya sauka zuwa wat 0.417, rabin ƙololuwa cif. A zagaye 500 ma haka ne, sai dai kafasita ce take rinjaye. Ke nan wannan da'ira tana da faɗin zagaye 1500 tsakanin iyakokinta biyu, kuma faɗi ne mai yalwa saboda riyaktans ɗinta bai fi turjiyarta girma sosai ba.

Amma ka canza lamba ɗaya, ka ce tushen `2 + j40` ne. Kishiyarsa `2 − j40`, jimilla om 4, karant amfiya 2.5, ƙarfi wat 12.5. A takarda abin sha'awa ne. A zahiri faɗin ya tsuke zuwa zagaye 100 kacal, daga wajen 950 zuwa 1050, kuma idan kafasitar ta kauce da kashi 10 cikin ɗari daga ƙimar da aka rubuta a jikinta, wanda ba baƙon abu ba ne ga kafasita ta yau da kullum, ragowar riyaktans ta kai wajen om 4, rabin ƙarfin ya tafi. Bugu da ƙari, amfiya 2.5 sau om 40 bolt 100 ke nan a kan kafasita, daga tushen da bai wuce bolt 10 ba. Wanda ya zaɓi kafasita yana duban boltej ɗin tushe kawai zai ji ƙaurinta. Duk lokacin da riyaktans ya ninka turjiya sau da yawa, daidaitawar tana zama mai ƙunci, mai saurin kaucewa, mai tara boltej a inda ba a zata ba. Ana iya faɗaɗa ta da ƙarin matakai na kwayil da kafasita, amma ba a samun faɗin a banza. Masana biyu, Bode da Fano, sun tabbatar cewa ga lodin da ke da riyaktans akwai iyakar da ba a ƙetarewa, duk faɗin da aka ƙara sai an biya shi da raguwar kyawun daidaitawa a cikin faɗin.

Turjiya kuwa ba ta da wannan tsanani, kuma wannan yana da amfani ga mai aiki. Idan an kashe riyaktans, lodin da ya ninka turjiyar tushe sau biyu yana samun kashi 8 cikin 9 na ƙololuwa. A misalinka om 60 yana ba da wat 0.741, om 15 ma yana ba da wat 0.741. Bambancinsu yana wurin asara: da om 60 kashi biyu cikin uku na ƙarfin da'irar yana zuwa lodi, da om 15 kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Don haka ni a ganina, idan dole ne a kauce, a kauce ta sama, kuma lokacin da za a ɓata ana neman turjiya ta yi daidai har om na ƙarshe gara a ɓata shi wajen kashe riyaktans.

Wannan ya kawo mu ga abin da ƙa'idar ba ta faɗa ba. Ƙarfi mafi yawa daban, inganci mafi yawa daban. A wurin da aka daidaita, turjiyar tushe tana cin daidai abin da lodi yake ci, wato inganci kashi 50 cikin ɗari a da'irar da aka taƙaita. Na ce a wadda aka taƙaita ne saboda siffar Thévenin tana faɗin gaskiya game da abin da ke faruwa a bakin wayoyi, amma ba lalle ta faɗi gaskiyar zafin da ke tashi a cikin ainihin na'urar ba. Ko ta yaya dai, babu mai rarraba wutar gari da zai yarda janareta ya ƙona rabin abin da ya samar. A can ana son turjiyar tushe ta zama ƙanƙanuwa ƙwarai idan aka kwatanta da lodi, kuma abin da ake aro daga wannan darasi rabinsa ne kawai, wato amfani da kafasita don kashe riyaktans ɗin injuna. Cikakkiyar daidaitawar kishiya tana da muhalli ne inda abin da tushe yake iya bayarwa kaɗan ne kuma ba a iya ƙara shi, kamar siginar da eriya ta kamo ko wadda ake miƙawa daga mataki zuwa mataki a cikin rediyo. Ko a can ma ba kullum ake bin ta ba. Amfilifayar farko a na'urar karɓa sau da yawa ana daidaita ta ne don rage hayaniya, amfilifayar ƙarshe a na'urar watsawa kuma ana zaɓa mata lodi gwargwadon iyakar boltej da karant ɗin da taransista take iya ɗauka, domin a wannan matsayi ta riga ta fita daga ƙa'idar daidaiton ninki da aka gina lissafin a kanta.

Haka kuma ƙa'idar ta ɗauka tushe ne yake a tsaye, lodi ake zaɓa. Idan abin ya juya, lodi yana tsaye kuma kai ne mai ƙera tushen, to kada ka ƙara wa tushe turjiya don ta yi daidai da ta lodi. Ka sake duban lissafin farko, `Rs` a ƙasa kawai yake, saboda haka gwargwadon ƙanƙantarsa gwargwadon ƙarfin da lodi zai samu, riyaktans ne kaɗai za ka sa ya zama kishiyar na lodin.

Amsar da ka bayar, wato lodi ya zama daidai da tushe ba tare da juya alama ba, tana da gidanta a wani darasi. A kan doguwar wayar sigina, idan ana so kada igiyar ta bugi lodi ta dawo, sharaɗin shi ne imfidans ɗin lodi ya yi daidai da imfidans ɗin wayar kanta. Wannan sharaɗi ne na hana dawowa, wancan kuma na ƙarfi mafi yawa. Wayoyin da ake amfani da su a aikin rediyo, irin na om 50 da na om 75, imfidans ɗinsu kusan turjiya zalla ne a firikwansin da ake aiki da su, shi ya sa a kansu sharuɗɗan biyu suke haɗewa su zama ɗaya, har mutum ya daɗe yana aiki bai lura cewa abubuwa biyu ne ba sai ranar da ya gamu da tushe irin naka mai `j40`.